Tambayar da Ta Fito daga Kwali

A Kwararafa, duk yaron da ya taɓa sa rigar lauya ko ta matuƙin jirgi ranar baje sana'o'i a makaranta, to da wuya in ba Balaraba tela ce ta ɗinka masa ba. Mace ce mai surutu da saurin dariya, ga alfahari da 'yarta ɗaya tilo, Amatullahi. Tun yarinyar tana aji uku na firamare take kiranta Likita, har maƙwabta suka manta sunanta na yanka. Sai dai tun da Amatullahi ta shiga SS2 ajin kimiyya ta rage magana. In an ce "Likita", sai ta sunkuyar da kai. Abin yana cin Balaraba a rai, ta rasa ta inda za ta ɓullo mata.

Ana cikin haka Madam Loyis, malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantarsu, ta gayyaci Balaraba yin jawabi ranar baje sana'o'i. "Minti goma ne kawai, Maman Likita. Ki faɗa musu inda kika fara, inda kika juya, da wahalar da kika sha. Sauran lokacin na tambaya ne."

Ranar, bayan wani injiniya ya cinye lokacinsa da rabin na wani, aka miƙa mata makirufo. Ta dubi takardar da ta rubuto, sai ta ninke ta kawai.

Ta ce tana yarinya aikin rediyo take so, har tana karanta wa kaji labarai. Da ta girma sai ta yi NCE, ta koyar shekara huɗu a Tudun Wada, kullum ta fi ɗokin gyaran yunifom ɗin yara a kan duba jarrabawarsu. Ta ajiye alli ta koma almajirar wata tela tana da shekara ashirin da bakwai. Shekara guda tana ɗinka maɓalli, ƙawayenta suna yi mata dariya. "Ban ce ku canja fanni don darasi ya yi wuya ba," in ji ta. "Wuya daban, rashin so daban. Ku je ku zauna wurin mai sana'ar ko na sati ɗaya ne, ku gani da idonku. In zuciyarku ta tsaya, ku yi magana da wuri."

Madam Loyis ta ƙara bayani cewa mai son barin kimiyya zuwa ajin adabi gara ya yi kafin a yi rajistar WAEC, don darussan da aka rubuta su za su bi mutum. Bayan JAMB ma ana canja kwas, amma sai darussan da ka zana sun dace da sabon. Kuma dole ka rama abin da ya wuce ka, wani har ya maimaita aji.

Sannan aka kawo kwalin tambayoyi, wanda ɗalibai suka jefa ƙananan takardu ba suna. Balaraba ta zaro ta farko ta amsa cikin raha. Ta biyu kuwa tana buɗewa ta ga rubutun Amatullahi. Wannan rubutun ne ke cike da littafin awon shagonta, ko cikin dubu za ta gane shi.

Ta karanta a hankali: "Idan mamanka ta daɗe tana jiran ka zama wani abu, kai kuma ka daina so, yaya za ka faɗa mata?"

Ba ta kalli layin 'yan SS2 ba, don kada kowa ya gane. Tausayi da kunya suka cika ta. Ashe ita ce yarinyar take tsoro.

Ta ce, "Uwa takan yi kuskure. Takan ɗauki abin da yaro ya faɗa yana ɗan shekara takwas ta mayar da shi alkawari. Ka faɗa mata. Za ta ji zafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba don aikin ta haife ka ba."

Da aka tashi, ta tarar da Amatullahi a bakin ofishin Madam Loyis, idanu jajir.

"Umma, aikin jarida nake so. Tun bara."

"Tun bara, kika zauna kina haɗiyar kemistiri? Ke kam akwai zurfin ciki."

Suka shiga tare. Madam Loyis ta ce za a mayar da ita ajin adabi farkon zango, ta rama darussan adabi da na gwamnati lokacin hutu, in dai uwa ta sa hannu. Balaraba ta karɓi biro ta sa.

A hanyar fita Amatullahi ta riƙo gefen mayafinta. "Umma, kin yi fushi?"

"Ban yi ba. Amma in kin ga ina kuka a gida yau, kada ki ce za ki fasa saboda ni. Ki bar ni in yi abina."