Kaset ɗin Direba a Ɗaki Uku

Shekara talatin da ɗaya Malama ta yi tana koyar da lissafi a firamare, har yau kuma a duk layinsu Malama ake ce mata, har mijinta kafin ya mance. Shi direban babbar mota ne, Direba ake ce masa. Tun suna ango da amarya kaset ɗaya yake ji a hanya, wasu waƙoƙi tara masu sanyin kiɗa, ya ji su har zaren ya tsinke ya liƙe da man farce. Da zamani ya juya, Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aiki a kantin magani, ta sa aka kwashe waƙoƙin aka zuba a wayar uwarta.

Shekara biyu ke nan da kan Direba ya fara rikicewa. Sunayen jikoki ya fara zubarwa, daga baya hanyar banɗaki ta ɓace masa. Abin da ya rage masa tafiya ce: daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa ɗakin kwana, ya dawo, yini guda. Muddin waƙar na kunnensa a natse yake, hannu ɗaya a gaba kamar ya riƙe sitiyari. Da ya shiga ɗakin da ba ta kai ba sai ya tsaya, ya laluba aljihu neman makulli, ya nufi ƙofar gida. Sau biyu ana tsinto shi a bakin babban titi.

Malama ta daina kuka tun bara, ba da niyya ba, kukan ne kawai ya ƙare mata. Takan bi shi da waya a hannu kamar mai haska wa wani hanya, ta bar tukunya ta ƙone, ta kankare, ta sake ɗorawa.

Babban ɗansu, wanda kowa ke kira Yaya, ya kira ta a waya ya ce abin ya isa. Zai zo ƙarshen wata ya tafi da Baba gidansa, akwai ɗaki a baya mai ƙofar ƙarfe, za a ɗauki mai jinya. Malama ta ce to. Da ta ajiye wayar ta zauna tana kallon sawun da takalmansa suka ci a ledar tsakar falo.

Dabarar farko ta Auta ba ta yi ba. Ta ajiye wayarta a kicin, ta uwar a falo, suka ƙirga ɗaya, biyu, uku, suka danna tare. Yatsa biyu ba sa sauka lokaci guda. A lungun da ke tsakanin ɗakunan mawaƙin ya zama mutum biyu, ɗaya na bin bayan ɗaya, Direba ya manne da bango yana tambaya wa ya shigo masa mota.

Ranar Asabar sai ga Auta da kwali uku.

"Mama, waɗannan sifikun ta Wi-Fi suke aiki. In an haɗa su rukuni ɗaya, su ke daidaita lokaci a tsakaninsu, ba ruwan yatsanki."

"Yatsana ne yanzu mai laifi?"

"Naki da nawa. Kawo lambar sirrin."

Tana rubuce a ƙasan akwatin Wi-Fi ɗin, wanda ke bayan firji tun ranar da aka kawo shi. Auta ta ciro shi, ta goge, ta ɗora a kan kanta a lungu, inda zai kai ko'ina. Ta jona sifika ɗaya a falo, ta buɗe manhaja a wayar uwar, ta saka ta a Wi-Fi ɗin gidan, ta raɗa mata suna Falo. Ta yi wa ta kicin haka. Ta ɗakin kwana ce ta ƙi fitowa a jerin, ga fitilarta a kunne. Auta ta kashe ta kunna har sau uku, ta fara ƙunƙuni.

Malama na bakin gado tana ninke kaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗalibin da ba ya cikin rajista, duba ko wani ajin ya shiga."

Haka ne kuwa. Auta ta gwada wannan sifikar a gidanta jiya, tana nan tana neman Wi-Fi ɗin can. Ta danne maɓallin baya har fitilar ta canja launi, ta sake saka ta daga farko, ta fito. Ta yi wa ukun alama, ta haɗa su, ta kunna.

Malama ta taka daga ɗaki zuwa falo a hankali. Murya ɗaya ce, ba ta rabu ba ko a lungun. Direba ya zo ya wuce ta, hannu a gaba, ya shiga kicin, ya fito, bai taɓa aljihu ba.

"Mama, kin gani? Ki ce wani abu mana!"

"Na gani. Rage ta kicin, ta yi ƙara."

Kwana huɗu tukunya ba ta ƙone ba. A na biyar, da hantsi, ta ga maganin hawan jininsa ya ƙare. Kantin magani kusa ne, shi kuma yana ta zagayensa. Ta jefa waya a jaka, ta ja ƙofa, ta fita. Ko minti ashirin ba ta yi ba. Tana dawowa ta tarar da gidan tsit, ƙofa a buɗe, mai wanki na maƙwabta riƙe da hannun Direba a bakin kwalbati, ƙafarsa ɗaya ba takalmi.

Ta yi godiya, ta shigar da shi, ta wanke masa ƙafa. Ta duba sifikun, fitilunsu lafiya. Ta ciro wayar daga jaka ta daɗe tana kallonta, sannan ta kira Auta.

"Waƙar nan, a cikin sifikun take ko a cikin wayata?"

Auta ta ce, "Innalillahi. A wayar take, Mama. Daga ita suke ɗauka. Kina fita daga Wi-Fi ɗin gidan sai ta yanke. Wallahi ban kawo haka a raina ba. Yaya ya ji?"

"Zai ji daga bakina. Ki zo da tsohuwar wayarki mai maɓalli."

Da yamma Auta ta cire layin ta mayar a ƙaramar wayar, don kada kira ma ya katse kiɗan. Babbar wayar aka jona ta a caji a saman kanta, gefen akwatin Wi-Fi, inda hannun Direba ba ya kaiwa, aka sa waƙoƙin su riƙa maimaituwa. Hotunan jikoki da saƙonnin tsofaffin abokan aiki duk suna ciki. Malama ta dube ta sau ɗaya ta koma kicin.

Yaya ya zo ƙarshen wata da motarsa, ya riga ya shimfiɗa bargo a kujerar baya. Ta faɗa masa zancen kwalbati ba ta rage komai ba. Ya zauna a falo awa biyu yana kallon ubansa na shiga yana fita.

"Mama, ke ba ki gaji da waƙar nan ba? Ni har kaina ya fara ciwo."

"Ni ba na jin ta."

"In aka ɗauke wuta fa?"

"Akwai batirin da ke riƙe firji, Auta ta jona su a kai. In ya ƙare, ina da baki, sai in rera masa."

Ya murza makullin motarsa a hannu. Ya ce a bar shi wata ɗaya a gani, amma zai turo kafinta ya sa sakata a saman ƙofar gida. Ta ce to, kamar yadda ta ce wancan karon.

Bayan ya tafi ta tsaya a lungu da kwandon wanki. Direba ya fito daga ɗaki, ya rage tafiya daidai inda take, ya dube ta da ladabi.

"Hajiya, ina za a sauke ki?"

"Gaba kaɗan, direba."

Ya gyaɗa kai ya wuce kicin. Ta bi bayansa, don ruwan zafi na kan wuta.