Ranar da Na Hau Jinga da Gudu

Ɗana na uku ɗan gudu ne. Ba ɓarawo ba ne, ba kuma kare ke binsa ba, haka kawai Allah Ya yi shi. Da asuba sai ya ɗaura takalmi ya bi titin Kafin Hausa, ya dawo jiƙe sharkaf ya tafi gonar shinkafa. Ni da ko jirgin ƙasa zai bar ni ba na ɗaga ƙafa, ban san inda ya gado wannan ba.

Shekarar da nake ba ku labari, za a yi gwaji a Dutse don zaɓen waɗanda za su wakilci jiha a tseren titi. Ya taɓa zuwa sau ɗaya, bara. Yana cikin na gaba har aka zo wani hawa, nan ƙafafunsa suka ce ba da su ba, kowa ya wuce shi. Ya dawo ya yi kwanaki ba ya cin tuwo sosai, ni nake taimaka masa da ragowar.

Mai koyar da shi wani malamin wasanni ne na sakandare, mutumin Filato, siriri kamar sillen kara. Shi ya zo har zaurena ya ce, “Baba, yaron nan yana da numfashi, ƙarfin ƙafa ne babu. Tudu yake buƙata. Ina kuke da tudu a nan?”

Na ce, “Malam, a ƙasar Haɗeja? In ka hau jaki ka hango Jahun.”

Muka zaga a babur ɗinsa, ba mu sami komai ba sai jingar da ta tare mana kogi. Akwai wurin da amalanke ke hawa a karkace, da ɗan tsawo, ba tsaye ƙyam ba. Malam ya taka ya ce gajeruwa ce, amma za ta yi.

Sau ɗaya a mako suke zuwa bayan la'asar, ni kuma in zauna gindin giginya ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba. Yaron sai ya fara sassarfa a ƙasa har jiki ya yi ɗumi, sannan ya hau da ƙarfi. Malam na ta ihu: “Gajarta taku! Ɗaga gwiwa! Hannu, hannu! Kar ka dubi ƙasa, ba ka yar da komai ba!” In ya kai sama sai ya juyo ya sauko a hankali kamar mai jego, ya sake hawa. Farko 'yan kaɗan ya yi, kowane mako a ƙara ɗaya. Da Malam ya ga ya fara duƙawa yana jan ƙafa, sai ya ce a tashi.

Na ce, “Wannan saukowar ta malalata fa? Mutane na kallo.”

Ya ce, “Baba, saukowar ce hutunsa. In bai huta ba, hawan gaba ba zai yi kyau ba. Hawan ne ke gina cinya da sha-raɓa da ɗuwawu, kuma ƙafar da ta saba tura mutum sama, in ta sami shimfiɗaɗɗen titi sai ta tashi da shi.”

Na ce na gane, kamar yadda nake cewa a makarantar yaƙi da jahilci kafin su sallame ni.

Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mu kuwa in damina ta matso, ko akuya ta hau jinga sai an harare ta, don duk wanda ya taɓa kwashe tabarmarsa a cikin ruwa ba ya wasa da wannan ƙasar. Magana ta kai kunnen mai unguwa cewa ɗana na zaizaye jinga da ƙafa. Ya aiko a daina. Saura 'yan makonni gwaji, kuma babu wani tudun sai an yi tafiya mai nisa. Yaron ya zauna a soro ya rafka tagumi.

Mai unguwar nan taubashina ne, tun muna yara nake cutarsa. Na tara shi da dattawa a gindin jingar, Malam da yaron na gefe, na gyara murya na ce, “Ranka ya daɗe, an yi maka ƙarya. Wannan ba zaizaya ba ce, daɓe ne. Mata in za su yi daɓen ɗaki ba duka suke yi ba? To, ɗana kyauta yake daɓe muku jinga. Kamata ya yi a ba shi goro.”

Ya dube ni ya ce, “Kai, tsohon banza, yaushe ka zama injiniya? To, tunda nauyi ne ke daɓe, ka fi shi tumbi. Hau mu gani.”

Dattawa suka ce wallahi gaskiya ne. Na dubi Malam ko zai cece ni, sai na ga yana duban sama. Ɗana ya matso ya ce, “Baba, don Allah ka bari.” Da bai faɗa ba da na bari.

Na tuɓe babbar riga, na tamke mazagi, ko ɗumama jiki ban yi ba na zabura. Jama'a, hawan farko na yi kyau, har na ji wata tsohuwa ta yi guɗa. Da na kai sama kaina ya kumbura, na ce bari in nuna musu yadda maza ke saukowa. Na sako ƙafa da gudu ina dirka dunduniya. Ƙasa na ɓarɓashewa a bayana, gwiwoyina na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ban sami birki ba sai a cikin gonar albasar liman.

Na tashi na ce saura. A hawa na biyu, tun a tsakiya numfashi ya ƙare. Na kama gwiwa, na koma rarrafe, daga nan na kwanta na ce ina duba ingancin ƙasar ne.

Mai unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Malam ya bari suka lafa, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, zo ka duba sawu.” Ya nuna masa inda na sauko, ramuka kamar an yi haƙon gwaza. Ya nuna inda yaron ya yi makonni yana bi, sawu ne sama-sama, ko rabin na kofaton shanun amalanke bai kai ba. Ya ce, “Mai hawa da gaban ƙafa yake taka, kuma a hankali yake saukowa. Abin da Baba ya yi shi ne duk abin da nake hana yaron.”

Na ɗago kai daga kwance na ce, “Da gangan na yi, don a ga bambanci.”

Mai unguwa ya share hawaye ya yanke hukunci: yaro ya ci gaba da hawa, amma a hanyar amalanke kaɗai, kuma ranar da aka yi ruwa kar ya taka. Ni kuma in cike ramukan da na tona, in shuka wa liman albasarsa, sannan kar a sake ganina a kan jinga ko a kan jaki ne.

Kwana da kwanaki a zaune nake salla. Ranar gwajin ban je Dutse ba, don cinyoyina sun ƙi shiga mota. Da yamma Malam ya kira ni a waya yana haki kamar shi ya yi gudun. Ya ce a wannan hawan da ya kayar da shi bara, yaron ya wuce mutum biyu, ya zo na uku, kuma an ɗauke shi.

Na ce, “Ba shi wayar.” Da ya karɓa na ce, “To, ka gode wa ubanka.”

Ya ce, “Na gode, Baba. Ka iya tashi yanzu?”

Na ce masa layin ba ya da kyau.