Yadda "Da Sauƙi" Ta Ci Mini Yatsu Biyu

Assalamu alaikum. Wata biyar ban ce muku uffan ba a nan, yau dai ga ni.

Tun ina saurayi nake jin wai an yi wani mutum a Bunkure da aka tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi, kafin la'asar aka yi masa sutura. Na ɗauka zancen majalisa ne.

Da Allah ya yi wa mai ɗakina Rabi rasuwa, haushin ƙanena Ado ya haɗu mini da baƙin ciki. Ranar da jikinta ya rikice na aika ya kawo adaidaitarsa, ya ce bari ya sauke albasa a Kura tukuna. Kafin ya dawo ta cika.

Gaba haramun ce, ban isa in ƙi amsa gaisuwarsa ba. Sai na rage mata tsawo.

"Yaya, ina kwana?"

"Lafiya."

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Shi ke nan. Ban ɗora "lau" ba, ban kira sunansa ba, ban mayar masa da ya iyali ba. A wajenmu wanda aka yi wa haka ya san an rufe ƙofa, tashi yake yi. Maƙwabta ma haka na yi musu, suka ce zafin rashi ne, a bar Malam.

Ana nan kara ya soke ni a ƙafa wajen ban ruwa. Ta kumbura, ta fara ruwa, ga ƙishirwa da yawan fitsari. Ado ya ga ina ɗingishi, ya ce ya ƙafa. Na ce da sauƙi. Ya tafi, ni kuma na zauna ina jin haushin ya tafi. Ku ji wauta.

Sati uku muna haka. Wata safiya ya tsuguna, na ba shi guntuwar amsata, ya ƙi tashi.

"Yaya, ka zage ni in kana so. Amma warin nan ba na sauƙi ba ne."

Ya matsa sai da ya kai ni asibiti. A can aka ɗan soki yatsan hannuna aka auna jini, aka ce ciwon suga. Likita ta kwance tsumman da na ɗaure ƙafar da shi ta ce, "Baba, da ka ƙara sati, daga gwiwa za mu yanke."

Tsoro ya kama ni sosai. Yatsun ƙafa biyu suka tafi. Kwana goma sha tara ina kwance, allura safe da yamma, wankin ciwo kullum, kuɗin shinkafar bana duk can ya ƙare. Ado ne a kan tabarma gefen gadona.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan, na gode wa Ado. Yanzu har 'ya'yansa nake tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Ku auna suga. In kuma naku ya gajarta muku amsa, kada ku yi saurin tashi, ku dube shi da kyau.

Labarin mutumin Bunkure kuwa, wadda ta ba ni shi a ƙarshe Rabi ce, wata rana da zazzaɓi ya kayar da ni ina ce mata da sauƙi.