Ranar da muka koya wa na'ura gaisuwa

Bayan na yi ritaya, wata hukumar fansho a Abuja ta saka ni cikin kwamiti. A garin nan tsohon da ya zaga ƙasashe ba ya rasa kujera da shayi. Aikinmu shi ne mu yanke abin da na'urar hira ta hukumar za ta riƙa tunawa game da duk wanda ya dawo mata.

Injiniyar aikin ta yi mana bayani. Na'urar ba ta riƙe komai da kanta. Idan hira ta ƙare, ana ajiye 'yan bayanai a asusun mutum, in ya dawo a miƙa mata ta karanta kafin ta amsa. Shawararta a ajiye harshen mutum da inda takardunsa suka tsaya, shi ke nan.

Shugaban kwamiti ya ce, "Muƙami fa? Ta ce wa darakta malam?"

Aka rubuta muƙami. Sai ya kawo batun rashin lafiya. Wanda ka gaya masa ba ka da lafiya, in ji shi, kuka sake haɗuwa bai ce maka ya jiki ba, ba shi da tarbiyya.

Injiniyar ta ce, "Yallaɓai, ita ba ta san wanda ke tsaye a bayan mutum yana kallon wayarsa ba."

Ni na kayar da ita. Na ba su labarin Jamus, inda na shekara uku ma'aikacin banki bai taɓa tambayar iyalina ba, da Alƙahira, inda mai sayar da burodi ya san ciwon gwiwata. Na ce mu ba Jamusawa ba ne. Aka tafa mini.

Sakataren kwamitin bai tafa ba. Mataimakin darakta ne daga Zariya, yana jiran ƙarin girma. Na taɓa cin karo da shi a asibiti, sashen masu ciwon ƙoda, ya roƙe ni kada ofis ya ji, don za a ce ba zai iya aikin ba. Na riƙe amanar. Ban dai kawo a raina cewa tun kafin a kunna ajiyar bayanan ya saba tambayar na'urar abin da ba ya tambayar mutane ba. Bayan an kunna ma bai daina ba.

Makonni bayan haka aka zo gwaji gaban manyan hukumar. Kwamfutar injiniyar ta ƙi haɗuwa da allo, shugaba ya ce sakatare ya shiga da asusunsa. Ya haɗa tasa kwamfutar, ya shiga.

Rubutu ya fito a bango: "Barka da dawowa, Mataimakin Darakta. Ya jiki? Da fatan wankin ƙodar ya zo da sauƙi."

Shugaba ya fara cewa, "Kun ga tarbiyya," sannan ya karanta sauran.

Kowa ya yi wa sakataren sannu, bi da bi, da ladabi. A zaman gaba muka amince ba za a ajiye maganar lafiya ba sai mutum ya nema da kansa, kuma yana iya gani ya goge. Sakataren ne ya rubuta wannan a rahoton taro.

Kujerar darakta da yake jira, wani aka ba. An ce don a sauƙaƙa masa.