Ranar da Muka Daina Shiga Saba da Kalmar Sirri

Lokacin da nake kula da sabar wata cibiyar koyar da kwamfuta a Dutsin-Ma, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan cibiyar, daga gida Kurfi nake yawancin aikin. Ta SSH nake shiga, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, in buga kalmar sirri ta buɗe.

Wata safiya na duba tarihin shiga, na ga baƙin kwamfutoci suna ta gwada sunaye da kalmomin sirri. Na hau mota na je na nuna wa Hajiya, mai cibiyar.

"Sun shiga, Malam?" ta tambaya.

"Tukuna, Hajiya. Amma na'urori ne ke cankar, ba sa gajiya. Ranar da suka dace, bayanan ɗalibanmu sun tafi."

A gabanta na haɗa mabuɗai biyu na cikin kwamfuta, masu tafiya tare. Na fili na ajiye a sabar, na sirri ya zauna a kwamfutata. In na zo shiga, kwamfutata ta sa hannu da na sirrin, sabar ta tantance da na filin. Na sirrin ba ya barin wurina. Sai da na gwada ya buɗe, sannan na rufe shiga da kalmar sirri.

"To, in aka sace kwamfutarka a mota fa?" in ji Hajiya.

Wannan tambayar ta sa muka haɗa mata nata mabuɗan, don ta iya goge nawa daga sabar. Na koma Kurfi bayan la'asar, hankalina kwance.