Innalillahin Zubairu

A Zakirai babu wanda bai san Zubairu mai caji ba. Da damina yana gona, da rani yana rumfarsa ta bakin kasuwa, wayoyi jere a gabansa suna shan wuta. Mutum ne mai kirki, sai dai Allah ya jarabce shi da son ya ga lamba tana hawa. Ko awo ake yi masa, idonsa na kan sikeli.

Baffansa Malam Yahya yana karantar da manoma a zaure bayan la'asar. Zubairu ya sha roƙo kafin Malam ya yarda ya riƙa ɗaukar karatun yana sawa a YouTube, da sharaɗi ɗaya: kada a ƙara masa, kada a rage masa. Wata shida ana yi, bidiyon da ya fi tashe mutum arba'in da uku suka kalla, bakwai daga ciki kuwa Zubairu ne da kansa.

Sai ga Fahad, abokinsa mai ɗinki a birni, ya zo cajin waya, ya duba tashar ya yi tsaki.

«Wa zai danna "Karatu na goma sha biyu"? Hoton da ke fuskar bidiyo da take su ne ke kira, alaji. Ka sa jan rubutu, ka sa kibiya, ka girgiza mutane.»

Ran nan karatun a kan zakkar hatsi ne, Malam ya ja kunnen masu ɓoye dammuna. Zubairu ya lalubo daƙiƙar da Malam ya runtse ido, ya cire masa kala, ya rangaɗa INNALILLAHI da ja a samansa. A wajen take kuma ya rubuta: «Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam Yahya Zakirai ya tona asirin masu cin zakka.» Abin da bai lissafa ba, waya ba ta nuna dogon take gaba ɗaya. Da aka tura a WhatsApp, rubutun ya tsaya daidai kan sunan Malam, sai ɗigo uku.

To a ƙasar nan kowa ya san me ake nufi da hoton mutum da salati a kansa. Washegari kafin azahar lamba ta haura dubu tara, Zubairu yana rumfa yana washe baki. Kafin la'asar kuwa an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Gwaggo Furera, yayar Malam, ta taso tun daga Bagwai, mota uku ta canja, tana kuka har muryarta ta dushe. Ta shigo ta tarar da mamacin yana shan fura.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce a kira Zubairu.

«Cikin dubu taran, nawa suka ji karatun?»

Zubairu ya buɗe shafin ƙididdiga. Yawancinsu daƙiƙa ashirin suka yi suka fice.

«Wato sun zo gawa, suka tarar da zakka, suka gudu,» in ji Malam. «Ayar Allah ka mayar ƙugiya, Zubairu. Ranar da na mutu da gaske, me ka rage da za ka rubuta?»

Kunya ta kama Zubairu. Gwaggo ce, duk da fushinta, ta roƙa aka bar masa ɗaukar karatun. Daga nan sai ya gyara. Ya canja hoton, ya sa dammunan gero goma an jawo ɗaya gefe, take kuma gajere: «Zakkar gero: nawa ake fitarwa?» Ya koyi sa tambayar da manomi ke da ita a farkon take, ya daina taɓa aya don ado. Mutum ɗari shida suka kalla da kakar nan, rabinsu har ƙarshe. Zubairu ya so a ce dubu shida ne, halin ai bai tafi ba, amma ya haƙura.

Bayan shekara biyu, wata safiyar Talata, Malam ya cika. Zubairu ya sa hoton baffansa, ya rubuta salatin da lokacin jana'iza, ƙarfe sha ɗaya, ya tura ko'ina, sannan ya jefa wayar a aljihu ya tafi wajen haƙa kabari. Sai da aka dawo daga maƙabarta ya duba. Sharhi na farko ya ce, «Zubairu ba ka daina ba?» da hoton dariya uku. A ƙasa kuma akwai saƙon muryar Gwaggo Furera daga Bagwai, tun ƙarfe takwas.

«Ɗan nan ka ji tsoron Allah, ƙafata ba ta da lafiyar da zan sake biye maka. Ka gaida mini da Yahya.»