Filo Ba Nauyi, Sai Cin Wuri

Shekara ashirin Mai Filo ta yi tana ɗinkin kayan mutane, har idanunta suka daina ganin kafar allura. Sai ta koma ɗinka matashin kai, mai dogon layi miƙaƙƙe da ba ya wahalar da ido. Ƙanwarta ce ta buɗe mata shafin sayarwa a waya. Ɗan jarinta shi ke nan abin da ta mallaka. In ya karye, ba sana'ar da za ta koma.

Mace ce mai tsoro, ko ƙofa ta kulle sai ta dawo ta taɓa. Da aka zo kan kuɗin aike, ƙanwar ta ce, "Yaya, hanya biyu ce. Ko ki yanka kuɗi ɗaya ga kowa, ko shafin ya lissafa wa kowa gwargwadon nisansa da kayansa."

"A'a! Mutum ya gama zaɓe, ya ga kuɗi ya ƙaru, ai guduwa zai yi."

Ta ɗora filo a sikeli, ta ga ba nauyi, ta yanka kuɗi ɗaya. Wata biyu lafiya lau, don masu sayen na kusa ne, ɗaya-ɗaya suke saye.

Ran nan wata mai masaukin baƙi, can ƙarshen ƙasa, ta sayi goma sha biyu, ta biya kuɗin aiken nan guda. Mai Filo ta cika kwali uku tana murna, ta kai kamfanin aika kaya. Ma'aikacin ya ɗora su a sikeli, sannan ya zaro tef. Ya shiga auna girman kwalayen.

"Ɗana, awon na mene ne? Ai ba su da nauyi."

"Mama, wurin da suka cinye a mota fa? Muna duba nauyi, mu duba girma, wanda ya fi shi ake biya."

Da ya faɗi kuɗin, sai da ta dafa kanta. Ribar ta tafi, har da kuɗin audugar mako mai zuwa. Amma an riga an biya ta, bakin alƙalami ya bushe. Ta biya. Irin wannan ciniki biyu, ta tashi daga aiki.

A gida ta auna kowane kwali, tsawo da faɗi da tsayi, ƙanwar ta shigar da awon a waya, suka mayar da shafin kan lissafi. Kwana uku ba wanda ya saya. Ko abinci ba ta iya ci, tana ta duba ko wayar ce ta lalace.

Rana ta huɗu mai masaukin ta aiko da saƙo: "Ina son wasu goma sha biyu, amma kuɗin aiken ya ninka sau biyar. Kuskure ne?"

Babbar mai sayen kayanta ke nan. Ta rubuta "Zan rage miki", ta goge. Ta sake rubutawa, "Ba kuskure ba ne, ranki ya daɗe. Haka yake." Ta tura, ta kifa wayar a kan keken ɗinki, ta kasa juyo ta.